Sabis Na Rawa, Aiki Na Tafiya: Yadda Ƙaramin Kamfani Zai Riƙe Magana Ɗaya

 

Shirinmu na yau na masu ƙaramin kamfani ne sabon tashi. Ku uku ne, ko huɗu, ko biyar. Ba ku da ofis, ofishinku yana aljihu, wato waya. Sabis kuma sai yadda Allah ya yi. Yanzu ka ga 4G a saman waya, an jima ka ga harafin E, an jima kuma ya ɗauke gaba ɗaya. Tambayar ita ce, ta yaya kowa zai san inda aiki ya tsaya, alhali wayoyinku ba sa samun labari a lokaci ɗaya?

Ga abin da nake so ku riƙe tun daga farko. Saƙon da ya shigo maka na ƙarshe ba lallai ne shi ne sabon labari ba. Bari in sake faɗa. Saƙon da ya shigo na ƙarshe ba lallai ne shi ne sabon labari ba. Duk abin da za mu tattauna yau daga nan ya taso.

Za mu yi aiki da misali ɗaya har ƙarshen shirin. Mu ɗauka mutum huɗu ne a Kano suka haɗa jari, suna sayar da atamfa ta waya. Akwai mai karɓar oda, tana gida a Kumbotso. Akwai mai sito, yana kusa da Kantin Kwari. Akwai mai babur, shi ke kai kaya. Na huɗunsu mai tallata kaya ne, yana zagaya garuruwan kusa, yau a ce yana Wudil. Ku riƙe su a zuciya: mai oda, mai sito, mai babur, mai talla.

To, mu shiga kashi na farko. Shin saƙonka ya tafi kuwa?

Mafi yawanmu da WhatsApp muke aiki, don haka da shi zan fara. Idan ka tura saƙo, dubi ƙasansa ta dama. Akwai 'yar alama a wurin. In ka ga hoton agogo, saƙon bai bar wayarka ba. Yana nan a hannunka, ba wanda ya gan shi. In ka ga alamar maki guda ɗaya, wadda muke ce wa tik, saƙon ya isa sabar, wato babbar kwamfutar kamfanin, amma bai shiga wayar abokin aikinka ba tukuna. Tik biyu ruwan toka, ya shiga wayarsa. Tik biyu shuɗi, ya buɗe.

A guruf akwai bambanci, kuma da yawa ba su lura da shi ba. Tik na biyu ba ya fitowa sai saƙon ya shiga wayar kowa da kowa. Mutum ɗaya na wurin da ba sabis, tik ɗaya za ka yi ta gani. To wane ne bai samu ba? Danna saƙon ka riƙe, ka zaɓi `Info`. Zai jero maka wanda ya karanta, da wanda saƙon ya shiga wayarsa kawai. Wanda ba ka ga sunansa ba, shi za ka kira.

Ga yadda abin ke cizo. Ƙarfe 10:05, mai babur ya rubuta cewa ya ɗauki kaya zai kai Gyaɗi-Gyaɗi. Ya danna, ya jefa waya aljihu, saƙon ya maƙale da agogo. Ƙarfe 10:20 mai kayan ta kira, ta ce a dakata sai gobe, ba ta gida. Mai oda ta rubuta a guruf cewa a dakata. Ƙarfe 11 saura kwata, sabis ya dawo wa mai babur, sai tsohon saƙonsa ya faɗo a ƙasan hira. Mai sito ya duba, ya ga an ce a dakata, ya ga ƙasa an ce an tafi da kaya. Sai ya ɗauka an sake shawara ne. Ba wanda ya yi ƙarya, ba wanda ya yi sakaci, amma an ƙona mai a banza, kuma kowa yana da labarinsa daban.

Za mu dawo kan maganin wannan. Kafin nan, ga kashi na biyu, kuma a nan zan ɗan jima, domin a nan kuɗi ke zuba.

Guruf ɗin hira ba wurin ajiye lissafi ba ne. Da rana ta yi, saƙo ya bi saƙo, gaisuwa ta shiga, hoto ya shiga, wanda ke neman adadin kayan da suka rage sai ya yi ta ja sama. Shi ya sa kamfanoni da yawa ke buɗe tebur guda a Google Sheets, wato takardar lissafi da kowa ke iya buɗewa a wayarsa. Wannan dabara ce mai kyau. Akwai ma hanyar buɗe shi ba tare da intanet ba. Ka danna ɗigo uku da ke gefen sunan takardar, ka zaɓi `Make available offline`. Amma tun kana da sabis za ka yi wannan. Bayan haka ko a daji kake za ka iya rubutu, wayar ta ajiye, in sabis ya dawo ta tura.

To amma ku kasa kunne. A sito akwai turmi 10 na wata atamfa. A tebur, gida ɗaya ne ke ɗauke da wannan adadi, an rubuta 10. Ƙarfe 10 na safe, mai talla a Wudil ya samu mai son turmi 4. Ba sabis. Ya buɗe tebur, ya ga 10, ya cire 4, ya goge 10 ya rubuta 6. Wayarsa ta ajiye.

Ƙarfe 10 da rabi, mai oda a Kumbotso ta samu mai son turmi 3. Ita tana da sabis. Ta buɗe tebur. Me za ta gani? 10 za ta gani, domin rubutun mai talla yana can cikin wayarsa a Wudil. Ta cire 3, ta rubuta 7. Ƙarfe 12 mai talla ya fito bakin titi, sabis ya kama, wayarsa ta tura 6. Gida ɗaya ba ya ɗaukar lamba biyu. Wanda ya iso daga baya shi ke zama. Tebur yanzu yana cewa 6.

Masu sauraro, mu yi lissafin tare. Turmi 10 ne. An sayar da 4, an sayar da 3. Saura nawa? Saura 3. Tebur na cewa 6, gaskiya kuma 3 ce. Cinikin mai oda ya ɓace daga lissafi, kuma wayar ba za ta yi ƙara ta sanar da kowa ba. Da yamma wata ta ce tana son turmi 5 na ankon biki. Aka duba tebur, aka ga 6, aka ce akwai. Ta turo kuɗi. Mai sito ya je ɗaukowa, ya tarar 3 ne kawai ba su da mai su. Yanzu sai ba da haƙuri da mayar da kuɗi, ga mutuncin kamfani da aka daɗe ana ginawa. Abin da ya fi damuna ma shi ne, a irin wannan ranar ce abokan jari ke fara zargin juna, alhali ba hannun kowa a ciki.

Ta yaya za ku gane hakan ta faru? Alama ta farko, adadin kaya ya ƙaru a tebur alhali ba a kawo sababbi ba. Da mai oda ce ba ta da sabis, da kun ga 6 ta koma 7. Kaya ba sa haihuwa a sito, wani ne ya rubuta a kan wani. Alama ta biyu, ka rubuta abu da hannunka, ka dawo ka tarar da wani abu daban. In kun samu kwamfuta, ku danna gidan da maɓallin dama na linzami, ku zaɓi `Show edit history`. Zai nuna wanda ya canza, da abin da ke wurin kafin ya canza. Wannan yakan kashe gardama.

Amma magani tun kafin ciwo ya fi. Maganin kuwa tsohon abu ne da muka sani. Dubi littafin bashin mai shagon unguwa. Ba ya goge jimilla ya sake rubutawa. Ka karɓi sukari, ya rubuta a layi. Ka karɓi sabulu, ya rubuta a layi na gaba. Ranar biya ya haɗa. Haka za ku yi. Kada kowa ya taɓa jimilla. Kowa ya rubuta abin da ya faru kawai. Mai talla ya rubuta, an fitar da 4. Mai oda ta rubuta, an fitar da 3. Tebur da kansa zai tara su da umarnin `SUM`, ya cire daga 10. Ko wane ne ya riga wani isowa, 4 da 3 dai 7 ne, saura 3. Ku rubuta abin da ya faru, ku bar jimilla ta haɗa kanta.

Sai dai akwai wani rami a gaba. In dukkanku a shafi ɗaya kuke ƙara layi, matsalar za ta dawo ta bayan gida. Mai talla ya ga layi na 21 ba komai, ya cika shi. Mai oda ma ta ga layi na 21 ba komai, ta cika shi. An sake yin karo. Saboda haka, kowa da shafinsa a cikin takardar. Shafin mai talla daban, shafin mai oda daban, shafin mai sito daban. Sai shafi na ƙarshe mai tattara jimilla, wanda ake kallo da ido amma ba a sa masa hannu. Wayoyi biyu ba sa karo a wurin da mutum ɗaya kaɗai ke rubutu.

Ko wannan ma yana da iyaka, kuma gara in faɗa muku ita. Lissafi zai fito daidai a ƙarshe, amma jimillar da mai talla ke gani a Wudil ta lokacin da sabis ya rabu da shi ce. In turmi ɗaya ya rage, yana iya sayar da shi, mai oda ma ta sayar da shi. Babu manhajar da za ta hana wannan, domin wayar da ba ta jin 'yar'uwarta ba ta da hanyar sani. Abin yi shi ne rabo tun da safe. Turmi 10 ne? Mai talla, 4 naka. Mai oda, 6 naki. Kowa ya sayar daga kasonsa ba sai ya tambayi kowa ba. Wanda nasa ya ƙare, ya kira ɗaya ya nemi ƙari, kuma kada ya yi wa mai saye alkawari sai an amsa masa.

Masu sauraro, in yanzu kuka kamo mu, muna magana ne kan yadda ƙaramin kamfani zai daidaita aikinsa ta waya a inda sabis ke rawa. Mu shiga kashi na uku, wato yadda ake rubuta saƙon aiki.

Mu koma kan mai babur da saƙonsa da ya makara. Da ya rubuta lokaci a cikin saƙon, da mai sito bai ruɗe ba. Don haka kowane saƙon aiki ya zo da lambar aikin, da halin da yake ciki, da lokacin da abin ya faru. Ga yadda zai kasance: oda 14, na ɗauka zuwa Gyaɗi-Gyaɗi, 10:05. Ita kuma mai oda ta rubuta: oda 14, a dakata sai gobe, 10:20. Ko da wane jeri suka shigo, duk wanda ya karanta ya san 10:20 ta biyo bayan 10:05. Lokacin da za ka rubuta shi ne lokacin da idonka ya ga abin. Ka rubuta shi da hannunka.

Lambar kuma tana da nata amfani. Saƙo ya maƙale, mutum ya ƙosa, ya sake rubutawa. Sabis na dawowa duka biyun su tafi. In babu lamba, mai sito zai ɗaure kaya kashi biyu. In ya ga oda 14 sau biyu, ya san abu ɗaya ne.

Saƙon kuma ya tsaya da ƙafarsa. Kada ka rubuta, na gama. Me ka gama? Kada ka rubuta, wancan ɗin fa. Wanda zai karanta wataƙila bayan awa uku zai gani, saƙo talatin sun shiga tsakani. Ku kuma taƙaita kalmomin hali, ku yarda da su tare. Misali: sabo, ana kai, ya tsaya, an gama. In ka ce ya tsaya, ka faɗi abin da ya tsayar da shi da wanda ake jira.

Wani abu kuma. WhatsApp na ba ka minti 15 ka gyara saƙon da ka tura. Ga gyaran harafi, babu laifi. Amma kada ka gyara adadi ko adireshi ta wannan hanya. Gyaran ba ya sa wayar kowa ta yi ƙara, wanda ya riga ya karanta ba zai koma baya ya duba ba. Turo sabon saƙo, ka fara da cewa gyara, sannan lambar aikin.

Saƙon murya fa? Na san ya fi mana sauƙi, baki ya fi yatsa sauri. Amma muryar minti ɗaya ta ninka gajeren rubutu nauyi sau ɗari ko fiye. A inda waya ke nuna E, rubutu zai sulale ya wuce, murya kuwa ta yi ta juyi. Kuma ba a iya neman lamba a cikin murya. Ku yi bayani da murya in kuna so, amma lamba da adadi da lokaci su zo a rubuce.

Sai miƙa aiki. Wannan ku ji shi da kyau. Tik shuɗi na nufin an buɗe, ba ya nufin an ɗauki nauyi. Mutum na iya buɗe guruf yana tsaye a danja, fitila ta ba da hannu, ya wuce bai karanta ba. Don haka aiki na wuyan wanda ya tura shi har sai wanda aka tura wa ya rubuta, oda 14, na karɓa. Ba a ce na karɓa ba, aiki bai tashi daga wuyanka ba. Minti 20 ko 30 suka wuce shiru, ku dai ku yanke adadin, sai ka kira.

Ga kashi na huɗu, na ƙarshe. Me za a yi in data ta tsaya cak?

Tana tsayawa kuwa. Da yawanku za su tuna ranar 14 ga Maris ta 2024, lokacin da wayoyin intanet da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku suka lalace ta wajen gaɓar Kwaddibuwa. Intanet ta yi rauni a Najeriya da Gana da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma, har manhajojin bankuna suka yi ta gardama. Kamfanin da duk aikinsa ke cikin guruf, a irin wannan rana sai ya naɗe hannu.

Kiran waya da saƙon tes ba sa jiran data, sau da yawa suna tafiya a inda WhatsApp ya kasa. Su ne hanyarku ta biyu. Amma ga sharaɗi. Duk maganar da aka yi ta kira, mutum biyu kawai suka ji ta. Wanda aka kira, in shi ke da sabis, shi zai shigar da ita guruf nan take, ya rubuta: oda 14, mai babur ya kira, an kai, 1:30. In ba haka ba, mutum biyu sun san an kai, mutum biyu na jiran a kai.

Game da tes, ga wani abu da ya shafe mu masu rubutun Hausa. Shafin tes ɗaya na ɗaukar harafi 160. Amma da zarar ka sa harafi mai lanƙwasa guda ɗaya, irin na ƙofa, ko ɗaki, ko ɓera, wayar za ta sauya tsarin rubutun, shafin ya koma harafi 70. Saƙon da zai tafi a shafi ɗaya sai ya zama biyu ko uku, kuɗin ma haka. Ina son a rubuta Hausa daidai, amma a tes ɗin aiki na gaggawa, a yi amfani da baƙaƙen da ba su da lanƙwasa.

Ita kanta wayar a duba ta. Akwai `Data Saver` da `Battery Saver`, masu tsimin data da tsimin caji. Suna iya hana manhaja tura abin da ta ajiye in ba a buɗe take ba. Ka iso inda sabis yake, kana ganin komai ya tafi, alhali rubutunka na nan kwance. Saboda haka in ka samu sabis, buɗe WhatsApp ka tabbata agogo ya koma tik. Buɗe tebur ka bar shi a buɗe na ɗan lokaci kafin ka kulle waya. A kashe saukar da hoto da bidiyo kai tsaye daga sauran guruf-guruf, don kada bidiyon biki ya tare wa saƙon aiki hanya. Masu yawo irin mai talla da mai babur, su riƙe layi biyu na kamfanoni daban-daban.

Sai ku sa lokutan haɗuwa, domin ba zai yiwu kowa ya kasance kan intanet yini guda ba. Sau uku ya isa. Da safe wajen rabon kaya, bayan sallar Azahar, sai kuma kafin Magariba. A waɗannan lokuta kowa ya nemi inda sabis yake, ko da tattaki ne zuwa bakin titi, ya tura nasa, ya karɓi na wasu. Mai oda ta rubuta saƙo ɗaya mai ɗauke da duk ayyukan da ba a gama ba, ta sa lokaci a kansa, ta liƙa shi a saman guruf da `Pin`. Wanda bai bayyana ba a lokacin, ba a ɗauka cewa ya gani. A kira shi.

A haɗuwar yamma, mai sito ya shiga ya ƙirga kaya da hannunsa, ya faɗi adadin kafin ya kalli tebur. In hannu ya ce 3 tebur ma ya ce 3, a rufe lissafin yau. In sun saɓa, a bi lambobin oda ɗaya bayan ɗaya a daren nan, tun kowa na tune da cinikinsa, kafin na gobe ya hau kai.

Lokaci ya kama mu, masu sauraro. Sai mako mai zuwa a daidai wannan lokaci, in Allah ya kai mu. Assalamu alaikum.